Abin da na gaya wa ɗan yayata kan kuɗin kirifto

Daren jiya bayan isha'i ɗan yayata ya zo gida. Ya gaishe ni, ya yi ta 'yan kame-kame, sannan ya ce: "Kawu, na tara naira miliyan biyu, abokaina sun ce in zuba a kirifto kafin ta sake tashi. Ya ka gani?" Na yi dariya, don ni ma an taɓa gaya min wannan maganar kuma na ɗauka. Mun fi awa biyu muna hira, shi ya sa na ce bari in rubuto a nan, na san da yawa cikinku tambayar na ransu.

Bari in fara da kaina. A watan Nuwamban 2021 na ɗauki naira dubu ɗari uku, kuɗin da nake tarawa na hayar gida, na sayi Bitcoin tana wajen dala dubu 65. Kwana kaɗan bayan nan ta taɓa kusan dala dubu 69, har na fara lissafin fili. Daga nan ta juya. Zuwa Nuwamban 2022, lokacin da kasuwar FTX ta rushe, ta sauko wajen dala dubu 16. A Disamba mai gida ya ce ya gaji da haƙuri, dole na sayar, aka ba ni kusan dubu ɗari. Wannan ma don dala ta tashi a tsakanin ne, da ba haka ba abin da zan samu bai kai haka ba. A Disambar 2024 Bitcoin ta haura dala dubu 100, ni kuwa ba ni da ko ƙwaya. Hasashena cewa za ta tashi ya zama gaskiya, amma na yi asara, domin kuɗin da na sa yana da ranar biya, kasuwa kuma ba ta san wannan ranar ba.

Me ya sa farashin yake irin wannan hawa da sauka? Dalilai uku na fahimta.

Na farko, babu wani abin da ke riƙe farashin daga ƙasa. Ku duba masara a kasuwar Dawanau. In buhu ya faɗi sosai, masu kiwon kaji da masu niƙa da magidanta za su zo su kwashe, saboda ana cin masara. In ya yi tsada da yawa, manoma za su ƙara nomawa baɗi. Gidan haya ma kana iya lissafa abin da yake kawowa a shekara ka san ko an yi maka tsada. Bitcoin ba ta biyan haya, ba ta raba riba, farashinta shi ne abin da mai saye na gaba ya yarda zai biya. Kuma yawanta an ƙayyade shi, ba za ta wuce miliyan 21 ba, don haka in masu so suka yi yawa babu manomin da zai ƙara, in suka gudu babu mai ragewa. Duk canjin ra'ayin mutane a kan farashi yake sauka. Shi ya sa labari guda ke girgiza ta. A watan Mayun 2021 Elon Musk ya ce kamfanin Tesla ya daina karɓar Bitcoin, Chana kuma ta matsa wa masu mainin, sai ga abin da ya kai kusan dala dubu 64 a Afrilu ya dawo wajen dubu 30. A 2022 da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4 cikin ɗari, masu manyan kuɗi suka janye daga duk wani abu mai haɗari, kirifto na sahun gaba.

Na biyu, kasuwar ba ta da zurfin da ake zato. Lambar da kake gani a waya farashin ciniki na ƙarshe ne kawai, ba alƙawari ba ne cewa kowa zai sayar a haka. Ga misali na ƙirƙira. A ce wani koyin yana da ƙwaya miliyan ɗaya, ana sayar da kowace naira 100. Masu jiran saye sun yi layi: a naira 100 ana son 500, a 95 ana son 500, a 90 ana son 1,000, a 80 ana son 2,000. Sai wani mai tarin koyin ya zubo 3,000 lokaci guda. Zai cinye layin 100, da na 95, da na 90, ya shiga na 80. Duka cinikin bai kai naira dubu 270 ba, amma yanzu farashi 80 ne, kuma duk mai riƙe da koyin ɗin zai buɗe waya ya ga kashi 20 cikin ɗari ya tafi. A lissafi an ce naira miliyan 20 ta ɓace, alhali ba a taɓa ganin miliyan 20 ɗin a hannun kowa ba. Bitcoin ta fi wannan zurfi nesa ba kusa ba, amma ƙananan koyin da ake tallatawa a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram haka suke, wani lokaci mutum biyar ke riƙe da rabinsu. Waɗanda suka kwana suna danna waya a kan Hamster Kombat sun ga yadda abin ya kasance a Satumbar 2024: kowa ya zo sayarwa rana ɗaya, masu saye kaɗan.

Na uku, kuma shi ne ke mayar da tuntuɓe faɗuwar bene, cinikin bashi ne, wanda yara ke kira fiyuca. Kana da dubu ɗari, ka danna 10x a manhaja, sai ta ba ka damar yin ciniki kamar mai miliyan ɗaya. In farashi ya hau kashi 10, ka ninka kuɗinka. In ya sauka kashi 10, asarar miliyan ɗayan dubu ɗari ce, wato duk jarinka. Manhajar ba ta jiran a kai nan ma, kafin a kai take sayar da kayanka da ƙarfi don kada ta yi asara. Yanzu ku haɗa wannan da layin da na kwatanta a sama. Dubban mutane an sayar musu a tare, farashi ya ƙara sauka, ya iso kan masu 5x waɗanda iyakarsu kashi 20, su ma a sayar musu, ya ƙara sauka. Kasuwar hannun jari ta Legas tana da iyakar kashi 10 da hannun jari zai iya motsawa a yini, kuma tana tashi da yamma, mutane su kwana su huce. Kirifto babu tashi, babu Asabar babu Lahadi. A Maris ɗin 2020 Bitcoin ta zubar da kusan rabin darajarta cikin kwana biyu.

Da na kai nan yaron ya ce: "To Kawu, kenan kar a taɓa?" Na ce masa a'a, lissafi za mu yi, kuma daga asara za mu faro shi.

Bitcoin, wadda ita ce mafi ƙarfi a cikinsu, ta faɗi daga kusan dala dubu 20 a ƙarshen 2017 zuwa dubu 3 da 'yan kai a ƙarshen 2018, sannan daga 69 zuwa 16. Wato sau biyu a 'yan shekarun nan ta zubar da wajen kashi 80 cikin ɗari. Abin da ya rage kashi 20 kuwa, sai ya ninka sau biyar kafin ka dawo inda ka fara. Saboda haka duk abin da za ka sa, ka ɗauka kashi 80 nasa zai iya tafiya, kuma ka jira shekara biyu ko uku.

Muka ɗauki biro. Yana kashe dubu 150 a wata, shi da matarsa da jariri. Na ce a ware na wata shida saboda ciwo ko tsayawar aiki, dubu 900 kenan, wannan ba a taɓawa. Hayar gida da za ta zo nan da wata takwas dubu 300, ita ma a gefe, kada ya maimaita wautata. Saura dubu 800. Na tambaye shi: nawa ne in ya ɓace gobe za ka ci tuwonka ka yi barci, ba za ka ɓoye wa iyalinka ba? Ya yi shiru, ya ce dubu 40. Na ce to raba 40 da 0.8, ya ba da dubu 50. Iyakarka kenan. Cikin miliyan biyu, kashi biyu da rabi ne cikin ɗari. Ya ce ai wannan ba zai sa ya yi kuɗi ba. Na ce gaskiya ne, in ta ninka sau uku ribarka dubu ɗari ce, in ta rushe kuma gidanka na nan. A ra'ayina mai taka-tsantsan kada ya wuce kashi biyar na ajiyarsa ko da yana da hali. Wanda kuma ake bi bashi, ko bai da na wata shidan nan, ko kuɗin na adashi ne ko na marayu ko jarin shago, nasa kason sifili ne, kuma babu abin kunya a ciki.

Ya kawo maganar USDT, wai ita ba ta motsi, kuma naira na narkewa. Wannan damuwar gaskiya ce, duk mun ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Amma USDT alƙawarin kamfani ne cewa yana ajiye da dala a madadin kowace ƙwaya. A watan Mayun 2022 wata mai suna UST, wadda ita ma aka ce dala ɗaya ce daram, ta wargaje cikin mako guda tare da Luna. Tsarinsu ba ɗaya ba ne, amma darasin shi ne kalmar "ba ta motsi" tana da sharaɗi. Kuma kuɗin da ke bankin kasuwanci hukumar NDIC na lamunce wa har naira miliyan biyar in bankin ya rushe, wanda ke manhajar kirifto kuwa babu wannan lamunin. Waɗanda kuɗinsu ya maƙale a FTX sun shafe shekaru suna jiran kotu.

Sauran sharuɗɗan da na ba shi gajeru ne. Kada ya kusanci fiyuca. Duk wanda ya ce masa riba kaza tabbas duk wata, ya tuna CBEX da ta kwashe kuɗin jama'a a Afrilun 2025, don abin da ke hawa da sauka haka ba ya iya ba da riba tabbatacciya. In dubu 50 ɗin ta zama 150, ya cire uwar kuɗinsa. In ta zama 10, kada ya ɗebo daga kuɗin haya wai zai rama. Batun halacci kuwa malamai sun saɓa, na ce ya je ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa kafin ya sa ko sisi.

Da zai tafi ya ce zai yi shawara da matarsa tukuna. Na ce ka riga ka fi ni, don ni sai da mai gida ya buga ƙofa uwargida ta san inda kuɗin haya ya shiga.

Wanda ya taɓa shiga, ya faɗa mana nawa ya sa da yadda ta kaya, ban da masu cewa a biyo su inbos. Allah ya tsare mana halalinmu.