Ranar da Tunatarwar Wayata ta Jawo Mini Sifili

Da na shiga ajin ƙarshe na sakandare, yayana ya bar mini tsohuwar wayarsa, na sa mata manhajar tsara ayyuka. Duk aikin da zai riƙa dawowa, akwai zaɓi biyu: a ƙirga kwanaki daga ranar wa'adinsa, ko daga ranar da na gama shi. Na ɗauka duk ɗaya ne. Ashe ba haka ba ne.

Na fara da bitar darasin kimiyyar sinadarai duk bayan kwana 4, ƙirge daga ranar wa'adi. Wa'adin ya faɗo Litinin, 3 ga wata, amma zazzaɓi ya kwantar da ni sai Alhamis, 6 ga wata, na yi bitar. Washegari Juma'a sai ga tunatarwa, domin 3 da 4 sun ba da 7. Me zan bita, alhali jiya na rufe littafin? Amfanin bita shi ne a bar tazara, har abu ya fara kuɓuce wa mutum sannan ya sake kamo shi. Da daga ranar gamawa aka ƙirga, da sai Litinin, 10 ga wata, za ta dawo.

Haushi ya sa na mayar da dukkan ayyukana kan ranar gamawa, har da aikin gida na lissafi da malam yake karɓa duk Litinin da safe. Na tsara yin sa ran Asabar, duk bayan kwana 7. Wani mako muka je biki, na yi shi ran Lahadi, sai tunatarwa ta koma Lahadi. Mako na gaba na yi kasala, sai da asubar Litinin na rubuta shi a gurguje. Tunatarwa ta sake matsawa zuwa Litinin da yamma. A mako na uku malam ya zo karɓa, ni ko fara shi ban yi ba. Aka rubuta mini sifili.

Yanzu tambaya ɗaya nake yi wa kowane aiki: wa ya yanka masa rana? Idan malam ne ko jadawalin makaranta, ranar wa'adi nake zaɓa, domin makarata ba ta ɗage Litinin. Idan kuwa tazarar ce abin nema, kamar bita, aski ko wanke takalmi, sai in zaɓi ranar gamawa.

A manhajar Todoist, bambancin alama ɗaya ce tak: `every 4 days` yana ƙirge daga wa'adi, `every! 4 days` kuma daga ranar gamawa.

Ku duba naku. Idan aiki yana dawowa kun gama shi ke nan, ku mayar da shi kan ranar gamawa. Idan kuma ranarsa tana zamewa gaba mako bayan mako, ku ɗaure shi a kan wa'adi tun bai jawo muku irin nawa ba.