Ba Ta Ce E Ba, Ba Ta Ce A'a Ba

Da yawa daga cikinmu mun san zafin a ce mana a'a. Akwai ciwo, amma ciwo ne mai ranar warkewa. Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne halin da mutum yake shiga idan ya furta wa abokiyar karatunsa abin da ke ransa, ita kuma ta ƙi amsawa, sannan ta ci gaba da zama da shi kamar ba a yi komai ba.

Mun ga haka a rukunin karatunmu na mutum biyar, muna aji biyu a jami'a. Ɗaya daga cikinmu ya gaya wa wata 'yar rukunin yana sonta, mako uku da fara zango. Ta yi murmushi ta ce, "Allah sarki, na gode, za mu yi magana." Har aka shiga jarrabawa, wata uku ke nan, ba a yi maganar ba. Amma tana kama masa wurin zama a lacca, tana kiransa idan ya makara, in ta dawo daga gida har dambun nama take kawo masa. Da ya tayar da zancen sai ta ce, "Kai dai yayana, bari mu gama jarrabawa."

Mu abokansa muka rabu gida biyu. Wasu suka ce kunya ce irin ta 'ya mace, har da masu kafa hujja da cewa shirun budurwa yarda ce. Sai dai wannan hukunci ne na lokacin da waliyyinta ya nemi izininta kan aure, ba na saurayin da ya tare ta a bakin ɗakin karatu ba. Sauranmu muka ce a duba halinta, domin kunya ba ta ɓuya. Wadda take so amma nauyin baki ya hana ta faɗa, za ka ga ta canza: ta rage haɗa ido da kai, ta daina kiran sunanka gatsau, ƙawarta ta fara yi maka tambayoyi a kan gidanku. Wadda kuwa ba abin da ya canza a wurinta, kuma ta ƙara yawan "yayana", tana nuna maka matsayin da ta ajiye ka ne.

Me ya hana ta faɗa kai tsaye? Ba lallai mugunta ko jan aji ba ne. An tarbiyyantar da mu a kan kawaici, cewa mutum a'a a gaban idonsa yana yi mana nauyi. Ga kuma tsoro mai dalili. 'Yan mata sun sha ganin saurayin da aka ƙi ya koma abokin gaba, ya ɓata suna a aji, ya sa a daina turo wa yarinya takardun darasi. Idan a'a za ta jawo mata wannan, dole ta ga shiru ya fi mata sauƙi. Mu maza ma muna yin haka, da "ƙanwata" muke fakewa.

Sai dai mai jira shi ke biyan kuɗin wannan shirun. Abokinmu yakan yi rabin dare yana fassara saƙo mai kalma huɗu, karatu kuma yana ja baya. Shawarar da muka ba shi ita ce ya sake tambaya sau ɗaya tak, kuma ya sauƙaƙa mata ƙin. Ya rubuta mata cewa ko amsar a'a ce, rukunin karatu yana nan, mutuncinta yana nan, ba wanda zai ji daga bakinsa. Ya ce idan akwai hanya, yana son izinin zuwa gaida su Mama a hutun nan, idan kuma faɗa masa da kanta zai yi nauyi, ta aiko ƙawarta. Tambayar zuwa gida ba ta karɓar "za mu yi magana", domin ko dai a ba ka rana ko a hana.

Kwana biyu ƙawar ta same shi. Ashe akwai ɗan uwanta da manya suka riga suka san da zancensa. Ya ji zafi, ya rage kira da hirar dare, amma bai fasa gaisuwa ba, bai kuma faɗa wa kowa a aji ba sai mu da muka san zancen tun farko.

Da ta sake yin shiru ma, da mun ce masa ya ɗauki hakan a matsayin a'a. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma wanda aka buɗe wa ƙofa har sau biyu bai shigo ba, ya riga ya ba da amsa.