Ribar da na ci a littafi, na rasa a shago

Da yawanku kun san ni da littafin taro da na adashe, amma ina da ɗan shagon atamfa a nan Sabo wanda ƙanena ke zama a ciki. Abin da ya same ni a shagon nake so in ba ku labari, domin na ga wasu daga cikin masu karɓar rancen ƙungiya suna bin hanyar da na bi.

A watan Mayun 2023 na sari atamfa 'yar China turmi 200, kowane turmi naira 6,000, jimla miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Da naira na biya, a kasuwar Gbagi, don haka ban taɓa kawowa a raina cewa dala ta shafe ni ba. Ashe dilan da ya shigo da kayan da dala yake lissafi. A lokacin 'yan canjinmu na bakin titi suna sayar da ita wajen naira 750, ke nan turmina dala takwas ne, ko na sani ko ban sani ba.

Na sa 7,500 a kan turmi, kayan suka riƙa fita a hankali. A tsakiyar watan Yuni Babban Banki ya saki farashin naira, dalar gwamnati ta tashi daga wajen 460 ta haura 700. Na ji a rediyo, na ce wannan maganar manya ce. Abin da ban gane ba shi ne da farashin gwamnati kwastan ke lissafin kuɗin fito, saboda haka duk kwantenar da ta sauka a Apapa bayan nan ta zo da ƙarin nauyi. Ita ma dalar bakin titi ba ta tsaya ba. Ni kuwa ina nan a kan 7,500, har ina jin daɗi wai kayana sun fi na maƙwabta gudu. Dole su yi gudu mana, tun da ni kaɗai ke sayarwa a tsohon farashi.

Ƙarshen Janairun 2024 kaya suka ƙare. Na ƙirga miliyan ɗaya da rabi, na rubuta riba dubu ɗari uku. Da na koma saro sai dila ya ce turmi ya zama 12,000. Na ɗauka wasa yake, ya ce, "Alhaji, ai a unguwarku ake canji, ka tambaya." Dala ta kai wajen 1,500, kuma dala takwas ɗin nan ba ta canja ba. Kuɗina gaba ɗaya, uwa da riba, turmi 125 suka saya. Turmi 75 sun tafi ba tare da ɓarawo ya shiga shagon ba.

Tun daga nan na daina tambayar nawa na sayo. Abin da nake tambaya shi ne nawa zan biya yau in mayar da irin wannan turmin kan kanta, sai in ɗora ribata a kansa. Duk Litinin ina kiran dila in ji farashi, kuma a gefen littafi ina rubuta yawan turamen da kuɗin hannuna za su iya saya. In lambar nan tana raguwa, jari ne ake ci, komai yawan nairar da ke aljihu. Bashi ma haka: wadda ta karɓi turmi a Oktoba ta biya 7,500 a Janairu, kuɗin da bai kai kashi biyu cikin uku na turmi ba ta kawo mini. Yanzu bashina ba ya wuce mako biyu.

Sai dai abin yana da iyaka, kuma nan ne nake saɓa wa masu cewa a bi dala kawai. Hayar shago da ladan yaro ba da dala ake biyansu ba, don haka wanda ya ninka komai saboda dala ta ninka ya wuce gona da iri. Albashin mai saye kuma bai ninka ba. In ka tsaya daram, mata su koma ga mai araha, kayanka su kwana.

Kuma lissafin yana juyowa kanka. A Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800, mutane suka ruga saro kayan Sallah don tsoron gobe. Wani abokina ya saye turmi a 14,400. Kafin tsakiyar Afrilu dala ta sauko wajen 1,200, sabon turmi ya koma kusa da 9,600, maƙwabcinsa yana sayarwa 11,500 da ribarsa. Ya zo yana ce mini shi ba zai sayar ƙasa da yadda ya sayo ba. Na ce masa, "Yaya, mai saye bai san rasidinka ba." Ya riƙe kayan wata biyu, yayin zanen ya wuce, sannan ya karyar.

Ni kaina turmi 60 kawai na saya a lokacin, sauran kuɗin na jira da su, kuma ba wayo ba ne, tsoro ne ya hana ni. Har yanzu kaɗan-kaɗan nake saro, in juya da wuri, ko da kuɗin mota zuwa Gbagi ya ƙaru.