Kan Aro, Jikin Aro

Duk wanda ya saba shiga ɗakunan baƙi a unguwar Dawaki ta garin Gombe ya san irin hoton da za mu yi magana a kansa. Dattijo ne cikin babbar riga fara fat, an sa shi a firem an rataye a bango, ko an buga shi a kalandar tunawa da shi bayan ya kwanta dama. Sau da yawa kuwa marigayin bai taɓa tsayawa gaban kyamara cikin wannan riga ba. Abin da ya bari shi ne ɗan hoton fasfo na takardar fansho ko na tafiya aikin Hajji. Sai 'ya'yansa su kawo mana, mu masu sana'ar gyaran hoto, su ce a yi wa Baba shiga ta mutunci. Mu kuwa sai mu yanko kai daga wannan hoto, mu aro jiki daga wancan, mu haɗa su a kwamfuta.

Aikin kan yi kyau wani lokaci. Amma akasari, da zarar an miƙa wa uwar gida hoton, sai ta yi shiru, ta ce, "Shi ne, amma kamar ba shi ba." Ba ta san sunan ko da maɓalli ɗaya na kwamfuta ba, amma ta yi gaskiya. Kamannin na mijinta ne, ba a taɓa hanci ko baki ba. Abin da idonta ya ƙi yarda da shi shi ne hasken. Fuskar tana zaune cikin ɗaki, jikin yana tsaye a rana, ido kuwa tun yarinta ya koyi cewa rana guda ce, kuma duk abin da ke wuri ɗaya inuwarsa waje ɗaya take faɗuwa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce jikin da muka aro na wani mutum ne da aka ɗauka a ƙofar gida da la'asar sakaliya, lokacin hunturu. Rana tana hannun hagun mai kallo, ta yi ƙasa. Muna gane haka daga abu uku: kafaɗar hagu ta fi haske, lanƙwasar rigar tana jefa inuwa zuwa dama, inuwar mutumin a ƙasa kuma ta miƙe zuwa dama. Fuskar kuwa an ɗauke ta da fulashi daga gaba sosai. Alamarta ita ce ƙyalli a tsakiyar goshi da kan hanci, kumatu biyu haskensu ɗaya, sa'an nan ga wani ɗan farin ɗigo a tsakiyar ƙwayar ido. Wannan ɗigo ba abin rainawa ba ne, domin shi ne hoton fitilar da ta haska mutum. In ya zauna a tsakiya, hasken daga wajen kyamara ya zo. In ya karkata sama ta hagu, can fitilar take. Masanin binciken hotunan jabu, Hany Farid, shi da abokin aikinsa Micah Johnson, sun nuna a 2007 cewa ana iya kama haɗaɗɗen hoto ta hanyar gwama waɗannan ɗigo a idanun mutanen da ke cikinsa. A baƙar fata irin tamu ma abin ya fi fitowa, saboda ƙyallin goshi da na kunci yana bayyana fes a kanta, yana tona asirin inda haske ya fito.

A nan ne mai garaje kan ce ai da sauƙi: in hasken fuska yana dama, na jiki yana hagu, sai a juya ɗaya, kamar yadda madubi ke yi. Wannan dabara tsohuwa ce, kuma ta daɗe tana ba masu ita kunya. Akwai wani sanannen hoton shugaban Amirka Abraham Lincoln na ƙarni na 19, wanda kansa ne kawai na Lincoln, jikin na wani ɗan siyasa ne, John Calhoun. An juya kan don ya dace da jikin, sai ɗan tabon da ke kuncin Lincoln ya koma ɗaya gefen, kuma ta nan aka gano. Mu namu hatsarin ya fi haka. Dattijo mai bille ko wata tsaga ta gefe ɗaya, in aka juya fuskarsa, an sauya masa shaidar gidansu. In kuma jikin aka juya, aljihun babbar riga da aikin askar da ke kansa, wanda a hagun mai riga yake zama, sai ya koma dama, duk wani maɗinki ya gani ya yi dariya. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, rabin aikin a wajen zaɓen jiki yake ƙarewa. Gara mutum ya ɓata sa'a guda yana neman jikin da haskensa ya yi kusa da na fuskar, ko ma ya sa wani ya saka riga ya ɗauke shi da gangan, da ya kwana yana faci. Haka nan a duba tsayin kyamara: fuskar da aka ɗauka daidai ido ba ta zama a kan jikin da aka ɗauka daga ƙasa, kome gwanintar mai gyara.

Sa'ar da muka yi a misalinmu ita ce fuskar fulashi ba ta da inuwa mai ƙarfi. Ƙara inuwa abu ne mai yiwuwa, cire ta ne ke da wuya, domin abin da duhu ya cinye ba ya dawowa.

Kafin mu taɓa launi, mukan kashe shi gaba ɗaya. A cikin `Photoshop` mukan ɗora shimfiɗar `Black & White` a bisa kome na ɗan lokaci, hoton ya koma baƙi da fari. Dalili kuwa shi ne launi yana ruɗar ido, ya hana shi ganin bambancin haske da duhu. Kwamfuta tana ƙidaya haske daga 0, watau baƙi ƙirin, zuwa 255, watau fari tas. Sai mu auna wuri mafi duhu a jikin aro, alal misali cikin hannun riga, mu tarar da shi a wajen 30, saboda hazon hunturu yana dusashe baƙi. Mu auna mafi duhu a fuskar, ƙofar hanci ko ƙwayar ido, mu tarar da 5. To ga ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke sa kai ya yi kamar an manna shi: baƙinsa ya fi na duk sauran hoton baƙi, sai ya yi tsalle ya fito gaba. Maganinsa shimfiɗar `Curves` ce, a ɗaure ta ga fuskar kaɗai da `Clipping Mask`, a ɗaga ƙarshen duhu har 5 ya kai wajen 30, a kuma sauke ƙyallin goshi don kada ya fi farar shaddar da rana ke duka haske.

Daga nan sai mu gina inuwar da rana za ta yi da a ce dattijon ya tsaya a wurin. Mukan buɗe sabuwar shimfiɗa mu sa ta a `Multiply`, mu ɗebo launi daga inuwar da ke bayan hannun mai rigar, ba baƙin fenti ba, domin inuwar fata ba baƙa ba ce, kuma baƙin fenti kan sa mutum ya yi kamar ya shafa gawayi. Da burushi mai laushi, ƙarfinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sai mu riƙa shafawa sannu a hankali a kuncin dama da gefen hanci na dama. Akwai inuwa biyu ƙanana da aka fi mantawa da su, alhali su ne ke ɗaure kai da jiki: wadda bakin hula ke jefawa a goshi, da wadda haɓa ke jefawa a wuya da wuyan riga. In babu su, kan zai yi ta shawagi. Farin ɗigon ido ma mukan matsar da shi kaɗan zuwa hagu. Har wa yau, farar riga a rana tana mayar da haske sama, don haka ƙarƙashin haɓa yana bukatar ɗan haske, kada ya yi duhu kamar rijiya.

Sai yanzu muke cire `Black & White` mu fuskanci launi. Haske kansa yana da launi, ko da yake ido ya saba yafe masa. Ana auna shi da ma'aunin Kelbin: fulashi da ranar tsaka suna wajen 5,500, ranar da ta kusa faɗuwa takan sauko ƙasa da 4,000 ta yi ja-ja, inuwar gini kuwa takan haura 7,000 ta yi shuɗi-shuɗi. Ke nan fuskarmu ta fi jikin sanyin launi. Mashaidinmu a nan shi ne fatar da ke jikin aro. Da `Eyedropper` sai mu auna bayan hannu inda haske yake matsakaici, a ce mu sami ja 120, kore 82, shuɗi 58. Mu auna kunci, mu sami ja 112, kore 84, shuɗi 76. Lissafin ya fito fili: shuɗi ya yi yawa da 18, ja ya gaza da 8. A cikin `Curves` ɗin sai mu zaɓi `Blue` mu sauke tsakiyarsa, mu zaɓi `Red` mu ɗaga kaɗan.

Sai dai akwai iyaka. Hannun na wani ne, fuskar ta wani ce. In marigayin wankan tarwaɗa ne, mai rigar kuma baƙi ne wuluk, kada a tilasta wa fuskar ta bi hannun. Hannun za a gyara ya bi fuskar, tun da fuskar iyalin suka zo nema. Abin da muke daidaitawa shi ne launin hasken da ya sauka a kan fata, ba launin da Allah ya halicci mutum da shi ba. Muna ganin wannan ɓarna ƙwarai a fastocin 'yan takara lokacin zaɓe, inda akan wanke fuska ta yi fari sol, hannuwa kuwa suna nan yadda suke.

Abin da ya rage shi ne baki da ƙwaya. Kyamara ba ta yanke gefen abu kamar reza, saboda haka mukan sassauta gefen fuskar da `Feather` na ɗigo ɗaya ko biyu, mu kuma goge ɗan zaren fari ko shuɗi da labulen situdiyo ya bari a bayan kunne. Hoton fasfo ƙarami ne, in aka faɗaɗa shi yakan yi dishi-dishi, jikin kuwa an ɗauke shi da sabuwar waya, zaren aikin rigar ma ana ƙidayawa. Ba a iya ƙara wa fuskar kaifin da ba ta da shi, don haka jikin ake dusashewa kaɗan da `Gaussian Blur`, sa'an nan a yayyafa wa hoton duka ƙwaya iri ɗaya da `Add Noise`, wajen kashi 2 cikin 100.

Gwajinmu na ƙarshe ba a kwamfuta yake ba. Mukan buga ƙaramin kwafi a takarda, domin gilashin kwamfuta yana da nasa haske, takarda kuwa ba ta da shi, kuma inuwar da ta yi daidai a gilashi takan yi nauyi a bugu. Sai mu jingine shi a bango, mu ja da baya taku biyar ko shida, watau tazarar mai zaune a tabarma da firem ɗin da ke rataye, mu runtse ido kaɗan. In kan ya fi jikin haske ko duhu daga wannan nisa, sai mu koma `Curves`. In bai fi ba, mu aika a kira babban ɗan marigayin ya zo ya gani kafin a buga babba.