Allon ƙarfe tsakanin falle biyu

Akwai tambaya guda da nake ba ɗaliban ajin ƙarshe na lise a nan Zinder kowace shekara, kafin guguwar bak ta taso. Falle biyu ne na roba, manya ƙwarai, suna fuskantar juna, tazarar milimita 10 a tsakaninsu. Na hagu yana ɗauke da caji mai alamar ƙari, mikrokulom 6 a kowane murabba'in mita. Na dama yana ɗauke da mai alamar ragi, mikrokulom 2. Sai a zura allon ƙarfe mai kaurin milimita 6 a tsakaninsu, allon da ba shi da cajin kansa, kuma bai taɓa komai ba. Wane caji ne zai taru a fuskokinsa biyu?

Mafi yawan aji −6 da +2 suke rubutawa. A ganinsu kowace fuska za ta kwaikwayi fallen da ke gabanta da kishiyar alama. Amsar ba daidai ba ce, amma na daina jan jan biro a kanta da sauri, domin amsa ce ta gaskiya ga wata tambayar daban. Tazarar da ke tsakanin tambayoyin nan biyu ita ce abin da na fi ƙaruwa da shi a koyar da wannan babi.

A fara da falle guda. Filin lantarkin da yake haifarwa shi ne E = σ/(2ε₀), inda σ ke nufin yawan caji a murabba'in mita, ε₀ kuwa 8.85 × 10⁻¹² F/m. Abin da ke ɗaure wa yara kai shi ne babu nisa a cikin lissafin. Sun saba da dokar Kulom ta 1785, wadda ta ce in nisa ya ninka biyu ƙarfi ya ragu sau huɗu, yanzu kuma ga fili da bai san kusa ko nesa ba. Nakan ce su tuna tsayuwa a gaban katangar fadar Sarkin Damagaram a Birni. In ka ja da baya, kowane yanki na katangar ya ƙara yi maka nisa, amma yankin da ke fuskantarka sosai ya ƙaru. A falle marar iyaka, ragin da ƙarin daidai suke cinye juna. Sai dai in ka ci gaba da ja har ka hango ƙarshen katangar dama da hagu, zancen ya ƙare. Haka falle yake: ana kiransa babba ne muddin nisanka da shi bai kai komai ba in an gwada da faɗinsa.

Falle biyu kuwa tarawa ce kawai, amma da lura da inda kowace kibiya ta dosa. Filin falle mai ƙari yana gudunsa ta kowane gefe, na mai ragi yana nufarsa. A tsakani, na hagu yana turawa dama, na dama yana jawowa dama, saboda haka suna haɗuwa: E = (σ₁ − σ₂)/(2ε₀). Shida a cire ragi biyu ya ba da takwas, rabinsa huɗu, wato 4 × 10⁻⁶ a raba da ε₀, kimanin bolt 452,000 a kowace mita. A waje kuma suna jayayya, abin da ya saura shi ne (σ₁ + σ₂)/(2ε₀), kimanin bolt 226,000 a mita, yana gudun fallayen ta ɓangarorin biyu. Wanda ya haddace cewa "a waje babu fili" ya haddace yanayi guda ne kawai, wanda cajin biyu suke daidai da juna amma alamarsu ta saɓa.

To, allon ƙarfe ya shigo. A cikin ƙarfe akwai elektoron da ba a ɗaure suke ba. Da zarar sun ji fili sai su motsa, kuma ba za su tsaya ba sai filin da ke cikin ƙarfen ya mutu murus. Suna taruwa a fuskar hagu, su bar fuskar dama da ƙari. Allon ya koma wasu fallaye biyu ke nan, ɗaya −σ′ ɗaya +σ′, kuma dole adadin ya zama guda, tunda ba a kawo caji daga ko'ina ba, rabuwa kawai ya yi. Waɗannan fuskoki biyu suna haifar da σ′/ε₀ a cikin ƙarfen, ta hagu ya nufa, kuma aikinsa ya kashe filin nan na 452,000. Ke nan σ′ mikrokulom 4 ne. Amsar ita ce −4 da +4. Ƙarfen bai san wane falle ne ke gabansa ba, jimillar filin da ya tarar ita yake amsawa.

Da yake fuskokin biyu daidai suke kuma kishiyoyi, a wajen allon ba sa ƙara komai. Filin da ke cikin iskar da ta rage hagu da dama yana nan a 452,000, na bayan fallayen ma bai motsa ba. Abin da ya canja shi ne tansiyo. Da fari filin yana aiki a tsawon milimita 10, wato bolt 4,520 tsakanin fallayen. Yanzu milimita 6 sun mutu, saura 4, tansiyon ya sauko kusan bolt 1,810. Ko allon yana tsakiya, ko ya matsa kusa da ɗayan, lissafin ɗaya ne, domin jimillar iskar ce ake ƙirgawa.

Wata shekara wata ɗaliba da ta rubuta −6 da +2 ta ƙi sakin amsarta. Ta ce, "Mushe, ai layukan filin da suka fito daga shida dole su sauka a kan shida." Na ce mata, "Tara mini fuskokinki biyu." Ta tara, ta samu −4. Na ce, "Wa ya ba allon wannan huɗun?" Ta yi shiru, sannan ta ce sai dai in an jona shi da ƙasa. Gaskiyarta ke nan. In aka ɗaura wa allon waya zuwa ƙasa, elektoron za su hau ta wayar har sai jimillar cajin fallaye da allo ta zama sifiri. A lokacin filin waje ya ɓace, duk layukan da suka bar fallen hagu sun juya sun sauka a kan ƙarfen, fuskokin sun zama −6 da +2, kuma filin ya bambanta a ratayen biyu: kimanin 678,000 a hagu, 226,000 a dama. A allon da ba a jona ba, daga cikin shidan nan huɗu ne suka dosa ƙarfen, biyu ta baya suka fice. Tun daga ranar, kafin yaro ya taɓa alƙalami nakan sa ya tambayi kansa: allon nan a ware yake, ko yana da hanya zuwa ƙasa?

Lissafi a allo bai cika gamsar da ɗan Damagaram ba, sai ya gani. Roba mai caji kuwa ba ta da amana. A hunturu, lokacin da iska ta bushe har mayafi yana tartsatsi cikin duhu, leda da aka goga takan riƙe cajinta. A watan Agusta damshi yana lashe shi kafin ka gama bayani. Saboda haka nakan koma ga abin da ake iya aunawa. Na sa aka yanko mini falle biyu na alminiyam, santimita 30 kowane gefe, na raba su da ƴan guntayen roba a kusurwoyi, milimita 10. Wannan kwandansa ce, irin ta cikin fanka a ƙa'ida, sai dai ƙarama ƙwarai. C = ε₀A/d ya ba da pikofarad 80. In allon milimita 6 ya shiga, d ya koma d − t, lissafi ya ba da kusan 200, wato ninki biyu da rabi. Mitar masu gyaran rediyo mai auna kwandansa ta isa, in tana da ƙaramin ma'auni.

Mitar ba ta taɓa ba ni 80 cif ba, kullum sai ta ɗara. Wayoyinta suna da nasu ɗan kason, sai a auna su su kaɗai a cire. Sannan a bakin fallayen layukan filin suna lanƙwashewa waje, abin da lissafin falle marar iyaka bai sani ba; da ka ƙara tazarar, da kuskuren ya girma. In adadin yana rawa, duba hannun wani yaro, jikin mutum ma yana ɗaukar wuta, kusantarsa kaɗai tana taɓa awon. In ya yi tsalle fiye da kima, allon ya karkata ko ya taɓa falle guda. In ya taɓa duka biyun, babu sauran kwandansa, ya zama waya.

Gwajin da na fi so ba ya buƙatar ƙarfe mai nauyi. A samu kwali mai kaurin milimita 6, a naɗe shi ruf da takardar alminiyam, a zura. Mita za ta nuna abin da ta nuna da allo na gaske. Cajin a fata yake zama, cikin kuwa ko ƙarfe ne ko kwali, fili ba ya shiga, matuƙar fuskokin biyu suna haɗe ta gefe. Abin da Faraday ya nuna ke nan a 1836 da ɗakinsa mai rufin ƙarfe. Sai kuma a zura takardar ita kaɗai, a miƙe, ba kwali. Ɗalibai sukan zata za ta tare filin, amma mita da ƙyar take motsi, domin t kusan sifiri ne. Cajin ya rabu a fuskokinta, filin ya tsaya a wannan ya tashi a waccan, ba a rage tafiyarsa da komai ba.

Saura tambaya guda, wadda ta shafi masu aikin wuta fiye da masu jarrabawa: caji ne aka tsayar, ko tansiyo? Duk abin da ya gabata na fallayen da aka caja aka ware ne. In fallayen ƙarfe ne kuma suna jone da abin da ke ba su wuta, tansiyon ba zai sauka ba. Ƙarin caji ne zai kwararo, filin ya tashi, domin bolt ɗin nan ɗaya yanzu a ƴar gajeriyar iska yake faɗuwa. A ɗauka bolt 15,000 ne a kan milimita 10. Filin ya zama bolt 1,500 a kowace milimita, busasshiyar iska kuwa tana jurewa har wajen 3,000. Zura allon milimita 6, saura milimita 4, filin ya koma 3,750, iska ta keta, tartsatsi ya tsallaka daga falle zuwa allo zuwa ɗaya fallen, alhali allon bai taɓa ko ɗaya ba. Shi ya sa ƙusa ko sukudireba da aka manta a akwatin babbar wuta take tayar da gobara ba tare da ta haɗa wayoyin ba, musamman da yake tsininta yana tara fili fiye da shimfiɗaɗɗen allo.

Wannan iyaka ta iska tana taimakona wajen gyaran takardu ma. Bolt miliyan 3 a mita daidai yake da kimanin mikrokulom 27 a murabba'in mita a fuskar ƙarfe. In ɗalibi ya kawo mini σ′ na kulom 4, na san ya zubar da 10⁻⁶ a hanya, ba sai na bi layukansa ɗaya bayan ɗaya ba.