Yadda Ƙwayoyin Wake Suka Ƙaryata Ni a Isa

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Sabon Birni, kuma na taɓa shan kunya a gaban ɗalibai saboda mataki guda da na tsallake. Ina ba da labarin ne domin matakin da na raina shi ne kan gaba a wannan lissafi, kuma na sha ganin wasu malamai suna tsallake shi kamar yadda na yi.

Mun kai ɗalibai Isa gasar kacici-kacici tsakanin makarantu. Kafin a fara, aka ce in ɗan ɗebe wa yara kewa. Na sa aka kawo kwanon wake, na ce wata ɗaliba ta ɗebi abin da take so, ya haura ƙwaya 100 amma kada ya kai 200. Ta kasa shi uku-uku, biyu suka rage. Ta sake kasawa biyar-biyar, ɗaya ta rage. Ta kasa bakwai-bakwai, huɗu suka rage. Na yi alkawarin faɗin adadin waken ba tare da na ƙirga ba. Yadda ake rubuta tambayar a littafi shi ne:

```
x ≡ 2 (mod 3)
x ≡ 1 (mod 5)
x ≡ 4 (mod 7)
```

Layin farko yana nufin idan aka raba x da 3, ragowar 2 ce, sauran ma haka ake karanta su. Dabarar warwarewa tsohuwa ce. Ta fara bayyana a littafin lissafin Sunzi na ƙasar Sin, tsakanin ƙarni na 3 da na 5, da waɗannan lambobi uku ɗin nan, sannan Qin Jiushao ya shimfiɗa hanyarta gaba ɗaya a shekarar 1247.

Ga yadda na yi a allo. Na ninka 3 da 5 da 7 na samu 105. Na raba 105 da kowace lamba, na samu 35 da 21 da 15. Sai na ninka kowacce da ragowarta: 35 sau 2 ya ba da 70, 21 sau 1 ya ba da 21, 15 sau 4 ya ba da 60. Jimla 151. Na juyo da fara'a na ce ƙwaya 151 ce.

Yarinyar ta dubi allon ta ce, “Malam, a yi haƙuri, ai in aka kasa 151 uku-uku ɗaya ce za ta rage, ni kuwa biyu suka rage mini.” Aka ƙirga waken a gaban kowa, aka samu 116.

Domin a ga inda na karkace, sai an fahimci aikin lambobin nan uku. Ana so kowacce ta kula da sharaɗi ɗaya kaɗai, ta ƙyale sauran. Ɗauki 21. Tana rabuwa da 3 da 7 ba ragowa, saboda haka ko sau nawa aka zuba ta cikin jimla, ba za ta taɓa ragowar 3 ko ta 7 ba. Idan kuma aka raba ta da 5, ragowarta 1 ce daidai, don haka in ka ninka ta da ragowar da kake nema, ita za ka samu. Haka 15 take: tana rabuwa da 3 da 5, kuma tana barin 1 in an raba ta da 7.

Ita 35 ta cika rabin sharaɗin ne kawai. Tana rabuwa da 5 da 7, amma in an raba ta da 3, ragowarta 2 ce. Dole a nemo abin da za a ninka ta da shi har ragowar ta koma 1. Sau 2 ya wadatar, domin 70 ita ce 69 da ɗaya, 69 kuwa tana rabuwa da 3. Ashe lambobin aiki su ne 70 da 21 da 15. Da na bi wannan, ga abin da zai fito:

```
70×2 + 21×1 + 15×4 = 221
221 − 105 = 116
```

An cire 105 ne saboda ita tana rabuwa da 3 da 5 da 7 duka, cire ta ko ƙara ta ba ya canza ko ragowa ɗaya. Wannan ya nuna amsa ba guda ba ce: 11 da 116 da 221 duk sun cika sharuɗɗan, kowacce ta ɗara 'yar'uwarta da 105. Iyakar da na sa tun farko, tsakanin 100 da 200, ita ta ware 116. Gwajin amsa kuwa ba ya cin minti guda. Uku sau 38 shi ne 114, saura 2. Biyar sau 23 shi ne 115, saura 1. Bakwai sau 16 shi ne 112, saura 4.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne yadda kuskuren ya daɗe tare da ni ban gane ba. Na gwada dabarar a gida kafin tafiya, ta fito daidai. Da na koma kan takardar gwajin, sai na tarar adadin da na zaɓa yana rabuwa da 3, ragowarsa sifili ce, kuma ko 35 ko 70 aka ninka da sifili, sifili ne. Sa'a ce ta rufa mini asiri, ba kullum ake kwana a gado ba. Ƙari a kan haka, 151 ta cika sharaɗi biyu cikin uku, tana barin 1 ga 5, tana barin 4 ga 7. Mai duba biyu ya tsaya zai rantse daidai take.

Lambobin 3 da 5 da 7 su ma suna ruɗar mutum, domin biyu daga cikin ukun ba sa buƙatar gyara. Gwada 3 da 4 da 5 ka gani. Ninkinsu 60 ne, rabon ya ba da 20 da 15 da 12, kuma babu ko ɗaya da ke barin 1. Sai an mai da 20 ta zama 40, 15 ta zama 45, 12 ta zama 36. Wanda ya fara koyo da wannan misali da wuya ya manta da matakin.

Akwai kuma iyakar da dabarar ba ta ƙetarewa. Wajibi ne kowace biyu daga cikin lambobin rabawa su kasance babu wata lamba da ke raba su duka sai 1. Ba dole su zama lambobin da ba sa rabuwa ba, ga 4 nan ta yi aiki tare da 3 da 5. Amma 4 da 6 sun yi tarayya a kan 2. Duk yadda ka ninka 6, ba za ta bar 1 ba in an raba ta da 4, domin kullum cika take. Wani lokaci ma tambayar ce ba ta da amsa: adadin da ke barin 1 ga 4 mara ne, wanda ke barin 2 ga 6 cika ne, babu adadin da zai haɗa biyun.

Tun daga ranar na sauya yadda nake koyar da darasin. Ɗalibi ba ya ninka komai da ragowa sai ya nuna mini a gefen takarda cewa kowace lambar aiki tana barin 1, kuma ba na karɓar amsa sai an raba ta da dukkan lambobin ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwana malamai, idan za ku gwada wata dabara kafin shiga aji, ku zaɓi misalin da babu sifili a ragowarsa, kuma ku fara duba lambobin rabawa ko sun yi tarayya kafin ku ɗauki alli.