Yadda iyayenmu mata suke ɗaura adashi

A shekarun da suka biyo bayan 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam da sule, da wuya ka sami unguwa a birnin Kano da ba ta da uwar adashi. Yawanci dattijuwa ce da kowa ya san ƙofar ɗakinta, kuma ita take zaɓen masu shiga. Ba ta duban zanen da mace ta ɗaura, sana'arta take dubawa: mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, mai kitso. Da yake matan suna kulle, yaran da ke yi musu talla su ke kai zubi.

Zubin kuwa ba a yanke shi a kan ranar da kasuwa ta yi kyau. Ana yanke shi a kan abin da mace za ta iya fitarwa ko a makon da ciniki ya ƙi. A ce hannu ɗaya naira 2 ne duk Juma'a. Mata shida sun ɗauki hannu ɗai-ɗai, mai ƙarfi guda ta ɗauki biyu, huɗu kuma suka haɗu bibbiyu, kowace da rabin hannu, naira ɗai-ɗai. Mata 11 ke nan, amma hannu 10. Hannu ake ƙirgawa, ba kai ba, saboda haka kwasa naira 20 ce, zagaye kuma mako 10.

Inda hankalin dattijan nan ya fi fitowa shi ne jerin kwasa. Wadda ta kwashe a mako na biyu naira 4 kacal ta zuba, ragowar 16 bashin 'yan'uwanta ne a wuyanta. Idan ta janye, duk kwasar da ta rage za ta koma naira 18. Ta ƙarshe kuwa ita ta ranta wa kowa. Shi ya sa a adasai da yawa uwar adashi take fara ɗauka, tunda ita za ta cike giɓi in wata ta gaza. Daga nan sai mai lalurar da ke da rana, kamar suna ko kayan ɗakin 'ya. Mai hannu biyu a raba mata, ɗaya a gaba ɗaya can baya, don ta ci gaba da zubi da zuciya ɗaya. Baƙuwa tana ƙarshe har a ga kamun ludayinta. Sauran a yi musu ƙuri'a, in zagaye ya ƙare a juya layin.

Alamar matsala ma sananniya ce: mace ta kwashe, sai zubinta ya fara kwana, yarinyarta ta zo da "wai a yi haƙuri sai gobe".

Yau da kuɗi ke rage daraja kafin zagaye ya ƙare, na baya sun fi cutuwa. Duk mai ɗaura adashi ya gajarta zagayen, ya kuma yanke jerin kwasa a gaban kowa tun kafin zubin farko.